Bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu: me ya sa yake ƙin murɗuwa?

Allon tallan da ake kafawa a bakin titi, irin wanda ke da ƙafa ɗaya allon kuma ya miƙe gefe guda kamar tuta, yana shan wahala iri biyu idan iskar hadari ta taso. Ta farko kowa ya san ta: iska tana tura allon, ƙafar tana neman lanƙwashewa. Ta biyu ba a cika kula da ita ba. Tun da allon ba a tsakiyar ƙafar yake ba, iskar tana kama shi ne daga gefe, tana neman juya ƙafar a inda take tsaye. Gindin ƙafar yana binne cikin kankare ba ya motsi, samanta kuwa yana son juyawa. Wannan ita ce murɗa.

Masu walda sun daɗe da sanin cewa faif mai kusurwa huɗu, wanda suke kira sukwaya faif, ya fi ƙarfen kwana da ƙarfe mai siffar kwami jure wannan aiki. Abin mamaki a lamarin shi ne girman bambancin. Bututun da yake rufe ta ko'ina, da tagwaininsa da aka tsaga a tsaye da bakin injin yanka, nauyinsu ɗaya, ƙarfensu ɗaya, daga nesa ma ba a bambance su. Amma na biyun yana iya murɗuwa fiye da na farko sau ɗari uku a ƙarƙashin kaya iri ɗaya. Wani injiniyan Jamus mai suna Rudolf Bredt ne ya fitar da lissafin abin a shekarar 1896, kuma lissafin nasa gajere ne ƙwarai, duk wanda ya iya ninkawa da rabawa zai iya bin sa.

Kafin a kai ga lissafi, akwai gwajin da za a iya yi a ɗaka. A samu kwalin man goge baki wanda ya ƙare, a rufe bakunansa biyu, a riƙe shi da hannu biyu a murɗa a hankali. Za a ji yana turjewa, duk da cewa takarda ce. Sai a ɗauki reza a tsaga shi daga wannan kai zuwa wancan a gefe ɗaya, a buɗe marafan, a sake murɗawa. Yanzu ya zama lagwani. Amma ba laushin ne abin kallo ba. A zuba ido a kan tsagar: leɓunanta biyu ba buɗewa suke yi ba, zamewa suke yi a kan juna ta tsawon kwalin, ɗaya ya yi gaba ɗaya ya yi baya, har bakin kwalin ya daina zama daidai. Wannan zamiya ita ce abin da bangon kwalin yake hanawa lokacin da yake rufe. Wato a cikin bangon bututun da ake murɗawa akwai wani ƙarfi da ke neman zamar da kowane yanki a kan maƙwabcinsa, kuma yana aiki ta fuska biyu a lokaci guda: yana zagaya bangon, yana kuma bin tsawonsa.

Abin da ke zagaya bango

A ɗauka an yanka bututun a kwance ana kallon bakinsa. Bango huɗu ne siriri da suka kewaye fili. A cikin kowane bango ƙarfin zamiya yana bin layin bangon, daga wannan ya shiga wancan ta kusurwa, har ya dawo inda ya faro. Saboda bangon siriri ne, ana iya ɗauka cewa ƙarfin ya bazu daidai daga fuskar waje zuwa ta ciki. Don haka injiniyoyi ba sa fara tambayar nawa ne ke kan kowane ɗan yanki na ƙarfe. Suna fara tambayar nawa ne ke kan kowace milimita ɗaya ta tsawon zagayen, a haɗe da duk kaurin bangon. Wannan adadi shi ake kira kwararar zamiya, ana rubuta shi da harafin q.

Babban abin da Bredt ya dogara a kai shi ne q ɗaya ce a ko'ina cikin zagayen. Ba ta ƙaruwa a dogon bango, ba ta raguwa a gajere, ba ruwanta da inda bango ya yi kauri ko ya sirance. Dalilin kuwa yana cikin waccan zamiya ta tsawo da muka gani a kwali. A yanko ɗan falle daga bangon a zuci. Gefensa na dama ana jan sa gaba, na hagu ana jan sa baya. In jan dama ya fi na hagu, fallen zai tafi gaba ke nan, alhali ba wanda ke tura bututun ta tsawonsa. Tilas su zo daidai, kuma haka zancen yake ko'ina aka yanko fallen.

Abin ya yi kama da ruwa a magudanar lambu wadda ba ta yoyo kuma ba ta da reshe. Yawan ruwan da ke wucewa ɗaya ne a kowane wuri, sai dai inda magudanar ta matse ruwan yakan ƙara gudu. A bututu, kaurin bango shi ne faɗin magudanar, gudun ruwan kuma shi ne matsin da ƙarfen kansa yake ji. Inda bango ya sirance, q tana nan yadda take, amma ƙarfen da zai ɗauke ta ya ragu, sai matsin ya hau. Wannan ya saɓa wa abin da hankali ke fara rayawa, cewa wuri mai kauri zai ɗauke wa siriri kaya. A nan ba ya ɗaukewa. Bangon da ya fi sirantaka shi ya fi shan wuya, kuma daga can lalacewa take farawa.

Mu ɗauki allo guda

Ga allo mai faɗin mita 2 da tsayin rabin mita, an maƙala shi a saman ƙafa mai tsawon mita 3, ya miƙe gefe ɗaya. Ƙafar bututu ce mai milimita 100 a dogon gefe, 50 a gajere, kaurin bango milimita 3. Iskar da ke gudun kilomita 90 a awa, irin wadda kan zo gaban ruwan farkon damina ta kwashe rufin kwano, tana tura allo mai wannan girma da ƙarfin da ya kai kimanin niyuton 500. Niyuton ma'aunin ƙarfi ne, kuma 500 ɗinsa kusan nauyin buhun siminti ɗaya ne. Tsakiyar allon tana da nisan mita 1 daga ƙafar. Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin turi a ninka da wannan nisa: 500 sau milimita 1,000, ya ba da 500,000. Shi ake rubutawa da T.

Abu na gaba shi ne filin da bangon ya kewaye, kuma a nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Ba filin ƙarfen da ake gani a bakin yanka ake nufi ba. Filin ramin ne, har da iskar da ke ciki, kuma ana auna shi daga tsakiyar kaurin wannan bango zuwa tsakiyar kaurin wancan. Don haka sai a cire milimita 3 daga kowane awo: 97 da 47. In an ninka su an sami murabba'in milimita 4,559. Wannan shi ne A.

Yanzu a duba yadda bangayen huɗu suke tare murɗar. Dogayen bangaye biyu suna fuskantar juna, kowane yana ɗauke da ƙarfi q sau 97, ɗaya yana ja wannan waje ɗaya yana ja wancan, tsakaninsu milimita 47. Abin da suka tare tare shi ne q sau 97 sau 47. Gajerun biyu kuwa kowane yana ɗauke da q sau 47 kawai, amma tazarar da ke tsakaninsu 97 ce. Nasu ma q sau 47 sau 97 ne. Ashe rabi da rabi suka raba aikin, gajerun bangaye ba su gaza dogaye da komai ba. Abin da suka rasa a tsawo sun same shi a nisa. In an haɗa biyun an sami ƙa'idar Bredt ta farko:

```
T = 2 × A × q
q = T / (2 × A)
```

A raba 500,000 da 9,118, q ta fito kusan niyuton 55 a kowace milimita ta bango. A raba wannan da kaurin bango, milimita 3, matsin da ƙarfen ke ji ya zama kusan 18 a kowane murabba'in milimita. Ƙarfen gini na yau da kullum yana fara sallamawa ga zamiya ne a wajen 140. Ke nan ƙafar allonmu tana da sauran ƙarfi mai yawa ta fuskar murɗa, sai an ninka murɗar fiye da sau bakwai kafin ta fara ba da kai.

Ya kamata a lura da wani abu a wannan ƙa'ida: kaurin bango bai shiga lissafin q ba ko kaɗan. Girman ramin ne kaɗai ya yanke ta. Kauri yana shigowa ne daga baya, lokacin da ake tambayar ko ƙarfen zai iya ɗauka.

Nawa za ta juya

Abu ya ƙi karyewa daban, ya ƙi motsi daban. Allon da ke kaɗa kai duk sanda iska ta buso yana sassauta notina, yana gajiyar da walda, ko da bai taɓa kusantar karyewa ba. Shi ya sa ake buƙatar lissafi na biyu, wanda ke faɗin yawan juyawar da bututu zai yi a kowace mita ta tsawonsa. Ana lissafa ta a kan mita ɗaya ne domin murɗa taruwa take yi: mitar farko daga gindi ta juya kaɗan, ta biyu ta ɗora nata a kai, ta uku ma haka. Ƙafa mai mita 6 za ta juya ninki biyu na mai mita 3 a samanta, alhali matsin da ke cikin bangonsu ɗaya ne.

Abubuwa uku ke yanke wannan juyawa. Na farko taurin ƙarfen kansa wajen ƙin zamiya, wanda ake rubutawa da G, kuma ga ƙarfen gini kusan 80,000 ne a ma'aunin da muke amfani da shi. Na biyu filin ramin nan, A, amma wannan karon a ninke da kansa. Na uku tsawon zagayen bango, s, a rabe da kaurinsa, t. Ana tattara na biyu da na uku a adadi ɗaya da ake kira J, wanda shi ne awon taurin siffar bututun:

```
J = 4 × A² × t / s
θ / L = T / (G × J)
```

Alamar θ ita ce kusurwar juyawa, L kuma tsawon bututun. Zagayen namu 97 da 47 ne sau biyu, wato milimita 288. In an sa alƙaluman, J ta fito kusan 866,000. Juyawar kuma ta fito 0.0072 a ma'aunin radiyan a kowace mita. Radiyan ɗaya digiri 57.3 ne, don haka muna maganar kusan digiri 0.41 a mita. A mita 3 ya zama digiri ɗaya da kwata. Ga ido wannan ba komai ba ne a jikin ƙafar, amma ƙarshen allon yana can nisan mita 2, kuma can zai matsa kusan santimita 4 saboda murɗa kaɗai. Mai wucewa zai gani.

Akwai abu biyu a wannan ƙa'ida da ke da amfani ga mai sayen ƙarfe. Na farko, G kusan ɗaya ce ga duk ƙarfen gini, mai tsada da mai araha. Wanda allonsa ke yawan juyawa ya je ya sayo ƙarfe mai daraja da girma iri ɗaya, ya yi asarar kuɗinsa: sabon zai fi jinkirin lalacewa, amma juyawar tana nan yadda take. Alminiyam kuwa G ɗinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, don haka bututun alminiyam mai wannan awo zai juya ninki uku.

Na biyu ya fi daɗin ji, domin ba ya cin ko sisi. Tun da A a ninke take da kanta, siffa tana da tasiri fiye da kauri. A ɗauki ƙarfen nan dai, zagaye 288 da kauri 3, a sāke masa siffa. In aka yi shi murabba'i mai 75 a kowane gefe, J ta hau zuwa kusan 1,120,000, ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari. In aka yi shi zagayayyen faif, taurin ya ninka na farkon sau biyu da ɗan ɗoriya. In kuwa aka baje shi ya zama 125 da 25, J ta faɗo zuwa kusan 300,000, wajen kashi ɗaya cikin uku. In aka narkar da shi aka yi sandar rodi marar rami mai kaurin milimita 33, bututunmu ya fi ta tauri sau bakwai. Nauyinsu duka ɗaya a kan sikeli. Abin da ya bambanta su shi ne yawan filin da kowane ya iya kewayewa.

To me ya sa ba a yin komai da zagayayyen faif? Domin murɗa ba ita kaɗai ce damuwa ba. Mai kusurwa huɗu yana da fuska shimfiɗaɗɗiya da ake ɗora abu a kai, ya fi sauƙin yanka da haɗawa, kuma ana iya juya dogon gefensa ya fuskanci inda lanƙwasa ta fi ƙarfi. A allonmu ma, gaskiyar magana, lanƙwasa ce ta fi cin gindin ƙafar: matsinta a can ya kai wajen 67 in an tsayar da bututun dogon gefensa yana bin hanyar da iska ke bi, wajen 100 in an juya shi ta ɗaya fuskar. Injiniya yana haɗa biyun ne ya duba. Murɗa ta zama ƙarama a nan ne kawai saboda bututun rufaffe ne.

Idan zagayen ya yanke

Yanzu a sa injin yanka a tsaga ƙafar daga sama har ƙasa, tsaga siririya wadda ba ta rage nauyi ba. Kwararar nan ba ta da hanyar kammala zagayenta, domin a leɓen tsaga ba abin da zai riƙe ta. Sai ta koma zagayawa a cikin kaurin bangon kansa: ta tafi ta fuskar waje, ta dawo ta fuskar ciki. A da tazarar da ke tsakanin ƙarfin da ke zuwa da mai dawowa milimita 47 ce ko 97. Yanzu ba ta wuce milimita biyu ba. Ramin da ke tsakiya ya daina aiki gaba ɗaya, bututun ya koma falle mai faɗin 288 da aka nannaɗe kawai. Ƙa'idarsa ma daban ce:

```
J = s × t³ / 3
```

A sa 288 da 3, J ta fito 2,592. A gwada da 866,000 na ɗazu: ta ragu sau 334. Matsin da ke cikin ƙarfen kuwa, in har zai tare murɗar nan ta 500,000, sai ya kai kusan 580, ninki huɗu na abin da ƙarfen zai iya jurewa. Ma'ana tun iska ba ta kai ƙarfinta ba ƙafar ta murɗe, kuma ba za ta dawo daidai ba. A aikace abin ba ya kai wannan muni in an toshe kawunan biyu da walda mai ƙarfi, domin hakan yana rage wa leɓunan damar zamewa, musamman a gajeren bututu. Amma a dogo, taimakon nan ba ya nisa daga bakin waldar.

Ba wanda ke tsaga bututunsa da gangan, sai dai ana yin abin da ya yi daidai da haka kullum ba tare da an sani ba. Mafi yawan faif ɗin kasuwa daga falle ake naɗe shi a haɗa bakin da walda ta tsawonsa. In aka leƙa ciki za a ga layin ɗinkin. Wannan ɗinki yana ɗauke da q gaba ɗayanta ta fuskar tsawo. A allonmu niyuton 55 ne a kowace milimita, wanda a mita ɗaya ya haura nauyin tan biyar da rabi yana neman zamar da gefe ɗaya na ɗinkin a kan ɗayan. Ɗinki mai kyau ba ya ko jin wannan. Wanda bai kama ba, ko wanda tsatsa ta bi ta cinye, in ya ɓalle a wani yanki, wannan yanki ya zama tsagagge.

Haka kuma mai walda yakan rasa bututun girman da yake so, sai ya haɗa ƙarfe biyu masu siffar kwami baki da baki su ba da akwati. Dabara ce mai kyau, in an ja waldar daga farko har ƙarshe. Amma don tattalin wayar walda da man janareta, sau da yawa ɗiga ta ake yi nan da can. A ce an ɗiga milimita 25 a kowace 250. Kwararar ba ta ragu ba, don haka kowane ɗigo zai ɗauki kason milimita 250 shi kaɗai, wato ninki goma na abin da ci-gaban walda zai ɗauka. Matsin da ya kamata ya tsaya a 18 ya koma wajen 180, ya wuce iyakar ƙarfen. Ɗigon farko in ya tsinke, kayansa ya koma kan na kusa da shi, su bi juna.

Wannan bambanci tsakanin rufaffe da buɗaɗɗe ya taɓa fitowa fili a babban aiki. Gadar Tacoma Narrows da ke jihar Washington ta Amurka an buɗe ta a watan Yuli na 1940, ta ruguje ranar 7 ga Nuwamba na shekarar. Shimfiɗarta tana kan dogayen ƙarafa biyu ne a gefe da gefe, ƙasanta a buɗe, don haka ba ta da taurin murɗa sosai. A ranar da ta faɗi, iska ta sa ta tana murɗawa, gefe ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauka, har ta yage. Yadda iska ke hulɗa da siffar gadar shi ne asalin musabbabin, amma laushinta wajen murɗa ya ba da ƙofa. Gadar Severn da aka buɗe a 1966 tsakanin Ingila da Wales, shimfiɗarta rufaffen akwatin ƙarfe ce mai siririn bango. Lissafin taurin irin wannan akwati daga ƙa'idar nan ta Bredt yake farawa.

Ba kuma kullum ake son taurin ba. Shasin manyan motocin ɗaukar kaya yawanci da buɗaɗɗen ƙarfe mai siffar kwami ake yin sa, domin ya ɗan murɗa ya bi hanya mai gargada. Wanda ya toshe wani yanki nasa da falle ya mai da shi akwati don ƙarin ƙarfi, ya ƙirƙiri wuri mai tauri a tsakiyar mai laushi, kuma tsagewa takan fara ne daidai inda biyun suka haɗu.

Inda lissafin ya tsaya

Ƙa'idar tana aiki ne ga bango siriri, wanda kaurinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na faɗin bututun ba. Namu 3 ne a kan 50, ya shiga. In bango ya yi kauri sosai, matsin fuskar waje yana fin na ciki, lissafin sai ya rage shi. A kusurwoyi ma matsin yakan taru ta ciki fiye da abin da ƙa'idar ta faɗa, shi ya sa bututun kamfani yake da kusurwa mai ɗan lanƙwasa, ba mai kaifi ba.

In kuma bangon ya yi sirantaka fiye da kima, wata matsala ce ke riga zuwa. Zamiya a cikin falle daidai take da ja ta wata fuskar karkace da matsa ta ɗaya fuskar. Falle siriri yana jure ja amma ba ya jure matsa, sai ya tattare. Alamarsa ita ce ƙundumi-ƙundumi a jikin faffaɗan bangon, a karkace kamar digiri 45, kuma yana iya bayyana tun ƙarfen bai kai rabin iyakarsa ba. Lissafin Bredt bai san da wannan ba, dubawa ce ta daban. Sannan ƙa'idar ta ɗauka cewa bakin bututun zai riƙe siffarsa ta kusurwa huɗu. In aka ɗaura hannun allon a bango ɗaya kawai, bangon zai iya lotsawa, akwatin ya karkace ya zama kamar lu'ulu'un katin wasa, tun kafin kwararar ta bazu zuwa sauran bangayen. Maganinsa shi ne a toshe bakin da falle, ko a sa abin ɗaurin ya rungumi bututun ta kowane gefe.

Sai batun kauri, wanda a kasuwar ƙarfe ba a cika samun abin da aka faɗa ba sai an auna. In bututun da aka saya a matsayin mai milimita 3 ya zama mai 2 ne, q ba ta canza sosai ba, amma matsin ya tashi daga 18 zuwa kusan 27, juyawar kuma daga digiri 0.41 zuwa 0.59 a mita. Tsatsa ta fi wannan wayo, domin ba ta cin bangaye daidai. A ce ta cinye dogon bango ɗaya, wanda ke fuskantar inda ruwa ke bugowa, ya koma milimita 1, sauran ukun suna nan garau. A irin wannan hali ana raba tsawon kowane bango da kaurinsa ne a haɗa jimla. A da jimlar 96 ce. Yanzu lafiyayyun ukun sun ba da kusan 64, ruɓaɓɓen shi kaɗai ya ba da 97, jimla 161. Juyawa ta ƙaru da kashi biyu cikin uku, matsin da ke cikin wannan bango kuma ya ninka sau uku ya kai 55, alhali ukun da ke kusa da shi ba abin da za su iya rage masa.

Ƙaramin rami zagayayye na noti ba ya yanke zagayen, kwararar tana kewaye shi, ko da yake matsi yana taruwa a bakinsa kuma nan tsagewa kan fara in kayan na zuwa yana komawa. Doguwar taga da aka yanka don zura wayar lantarki ita ce mai haɗari, musamman in ta cinye faɗin bango, kuma abin takaici a kusa da gindi aka fi yanka ta, inda lanƙwasa ma ta fi ƙarfi. In dole ne a yi ta, a yi ta gajeriya, a zagaye kusurwoyinta, a kewaye bakinta da ƙarfe a yi masa cikakkiyar walda. Murfin da aka ɗaura da sukurori biyu yana hana ruwa da ƙadangare shiga, amma ba ya ɗaukar kwararar.

Mai son duba ƙafar da ta daɗe a tsaye zai iya yi ba tare da wani injin awo ba. Ya tsaya a gindi ya kalli ɗaya daga cikin kusurwoyin har sama: in layin ya karkace alhali iska ba ta busawa, ƙarfen ya riga ya wuce iyakarsa. Ya nemi layin ɗinkin ya bi shi da ido, ko akwai siririn zaren tsatsa da ya miƙe a kansa, ko fenti ya tsage a karkace. Ya sa wani ya kama ƙarshen allon ya ɗan tura, shi kuma ya ɗora yatsa a kan ɗinkin ko kan haɗin waldar, domin leɓunan da suka rabu ana jin zamewarsu a yatsa tun ba a gan ta ba. Daga nan ya ƙwanƙwasa bangayen huɗu ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar guduma, daga inda ƙarfen ya fito daga kankare zuwa kamu ɗaya sama. Bututun da ba a toshe samansa ba yana tara ruwan sama a ciki, tsatsar kuma daga ciki take cin sa, fentin waje yana nan da kyansa. Bangon da ya sirance ƙararsa ba ta kai ta sauran ba, wani lokaci ma gudumar takan lotsa shi.